Idan Karin Magana Ya Hau Fasta: Gwanintar Mai Fassarar Hoto

A garuruwan kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, da wuya ka ga bangon asibiti ko ƙofar tasha ko jikin shagon cajin waya babu fasta a manne. Wata ta rigakafi ce, wata ta 'yan takara, wata ta ƙungiyar manoma ko ta direbobi. Masu tsara su sun san jama'arsu, shi ya sa sau da yawa babban rubutun da ke sama karin magana ne. Bahaushe yana wucewa zai karanta ya gane, ko tsayawa bai yi ba. Wahalar tana somawa ne ranar da wani ya ɗauki hoton fastar da wayarsa zai sa a rahoto, ko a jarida, ko a kundin digiri, aka ce a rubuta fassarar Turanci a ƙasan hoton saboda wanda ba ya jin Hausa. Wurin da aka bari bai wuce layi ɗaya ko biyu ba. A cikin wannan ɗan fili mai fassara zai zaɓa: ko ya bi kalmomin karin maganar yadda suke, abin da malaman fassara ke kira baƙi-da-baƙi, ko ya ɗauki ma'anar ya faɗe ta yadda mai karatun ya saba jin magana a harshensa.

Rigimar ba sabuwa ba ce. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya san malam yakan bi Larabci kalma bayan kalma, sa'an nan ya ɗago kai ya ce "abin nufi," ya yi bayani da Hausar kowa da kowa. Turawan da suka tattara karin maganarmu su ma kusan haka suka yi. Littafin Merrick ya fito a 1905, na Kirk-Greene mai suna Hausa Ba Dabo Ba Ne, mai ɗauke da karin magana 500, ya fito a 1966, kuma duka biyun suna kawo fassara tare da bayanin inda ake amfani da maganar. A 1964 Eugene Nida ya raba fassara gida biyu, mai bin siffar magana da mai neman ta yi wa sabon mai karatu tasirin da ta yi wa na farko. Amma malamin zaure yana da lokaci, mai littafi yana da shafi. Mai fassarar hoto ba shi da ko ɗaya, ga kuma wani abu da su ba su yi fama da shi ba: mai karatunsa yana kallon hoto a lokacin da yake karanta fassarar, duk abin da aka rubuta zai gwada shi da abin da idonsa ke gani.

A Riruwai na fi ganin an iya wannan aiki, kuma akwai dalili. Garin shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, a can ƙarshen jihar bayan dajin Falgore, cikin duwatsun da suke 'yan'uwan na Jos ta fuskar ma'adinai. Tun kafin zuwan Turawa ana narkar da kuza a nan, tsofaffin takardunsu ma suna kiran wurin Liruwen Kano. Har gobe baƙi ba sa yankewa: masu sayen ma'adinai, ɗaliban nazarin duwatsu, ma'aikatan lafiya, 'yan jarida. Kowannensu yana tafe da waya mai ɗaukar hoto, da yawansu kuma za su rubuta rahoto ne ga wanda bai taɓa jin "sannu" ba. Akwai wani dattijo a garin, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, wanda irin waɗannan hotuna kan ƙare a hannunsa. Yadda yake aiki ya cancanci a tsaya a duba.

Wata yarinya mai haɗa rahoto a kan masu haƙar ma'adinai ta kawo masa hoton wata fasta ta ƙungiyarsu ta taimakon kai da kai. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe: Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. A tsakiya ga wasu maza da guduma suna fasa dutse, a gefe ga hannu riƙe da kwano, baƙar kuza ta kwanta a gindinsa bayan an wanke. Ta riga ta rubuta tata fassarar a takarda, tana so ya duba mata kawai.

Bai karɓi takardar ba tukuna. Wayar ya karɓa, ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya tsallake babban rubutun ya gangara can ƙasa inda aka yi ƙananan. A nan ya ga kira ne ga 'yan ƙungiya su ci gaba da zuba kuɗin mako, kada su janye don ba su ga riba da wuri ba. Ya ce mata, "'Yata, kafin ki tambayi me maganar take nufi, tambayi wa ya faɗe ta, wa ake gaya wa, me ake so ya yi." Ta ce, "To, Baba Malam." Daga nan ya ware abubuwan da karin maganar ta ambata, wato haƙuri da dahuwa da dutse da romo, yana neman kowanne a cikin hoton. Dutse yana nan a fili. Romo ma yana nan, domin kuzar da ke cikin kwanon ita ce abin da dutsen ya bayar bayan an sha wuya a kansa. Wanda ya tsara fastar da gangan ya zaɓi wannan magana, don a Riruwai kusan gaskiya ce tsagwaronta: mutane suna cin abinci daga dutse.

Sai ya duba fassararta. Ta ɗauko wata maganar Turawa da ake yawan jerawa da wannan, wadda ke cewa alheri yakan zo wa masu jira. Turancin ya yi santsi, babu wanda zai tsaya a kansa. Malam ya nuna mata illa biyu. Ta farko, dutsen ya ɓace, don haka Baturen da ke kallon hoton ba zai san akwai wata alaƙa tsakanin rubutun da mazan da ke riƙe da guduma ba. Ta biyu ta fi muni. Jira zama ne, a naɗe hannu. Mai dafa dutse kuwa ba ya zaune: yana iza wuta, yana ƙara ruwa, yana sake ɗebo itace. Ƙungiyar tana cewa a ci gaba da zubi, fassarar kuma tana cewa a zauna a jira, wato ta juya saƙon baya. A kan wannan ne ma ya canza kalmar da ta sa wa haƙuri. Turanci yana da wadda ta fi karkata ga jiran lokaci, yana da wadda ta fi karkata ga jure wahala ana cikin aiki, kuma ta biyun ce ta dace da masu guduma.

To, a bar maganar baƙi-da-baƙi tsirararta? Nan ma ya ce a'a. Wanda bai san karin magana ce ba zai iya ɗauka wata al'ada ce ta dafa duwatsu. Wanda ya tashi a Turai kuma yana da tatsuniyar wani matafiyi da ya sa dutse a tukunya ya yi wa mutanen gari dabara har kowa ya kawo kayan miya. Idan wannan ta faɗo masa a rai, zai karanta fastar a matsayin zancen wayo, alhali zancen juriya ake yi. Abin da Malam ya rubuta a ƙarshe gaɓa uku ne a layi biyu. Ya fara da sanar da cewa karin maganar Hausa ce. Ya kawo ta yadda take, da dutsenta da romonta, ya kuma kula ya yi amfani da kalmar da Turawa ke kiran ruwan dafaffen nama, domin daɗin maganar yana cikin samun abu mai maiƙo daga abin da ba shi da ɗigon mai. Sa'an nan ya rufe da 'yan kalmomi kaɗan masu cewa jure aiki mai wuya yana biya. Bai yi bayanin kuza ba, don hoton ya riga ya yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne amsar da ya ba ta da ta tambaya ko daga yau haka za ta riƙa fassara wannan karin magana. Ya ce idan ta same ta a fastar makaranta, da hoton ɗalibi riƙe da takardar sakamako, babu dutse ko'ina, to ta sauke dutsen ta faɗi ma'anar kawai a layi ɗaya, domin a can dutsen zai ja hankalin mai karatu zuwa abin da ba ya cikin hoton. Magana ɗaya ce, fassara biyu, kuma kowacce daidai take a wurinta. Ƙa'idarsa ke nan: idan abin da karin maganar ta ambata yana cikin hoton, a riƙe shi a ƙara ɗan bayani, idan ba ya ciki, ma'ana ta wadatar.

Wannan ƙa'ida tana da tsohon misali da kowa ya sani. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa daga Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa, kwabo ɗaya ake sayar da ita a lokacin. Wanda ya sa hoton shafinta na farko a littafi, ya fassara sunan da cewa gaskiya tana da daraja, bai yi ƙarya ba, amma ya zubar da hikimar sunan, wadda take gaya wa mai saye cewa abin da zai karanta ya fi kuɗin da ya bayar. Dole kwabon ya fito a fassarar.

A fastocin siyasa ne wannan hukunci ya fi tsanani. Tun da aka kafa jam'iyyar APC a 2013 da tsintsiya a matsayin alamarta, maganar nan ta "Tsintsiya maɗaurinki ɗaya" ta samu sabon aiki. Idan ta bayyana a fastar da aka zana tsintsiya, ba a isa a musanya ta da maganar Turawa ta cewa haɗuwa tsayuwa ce, rabuwa faɗuwa ba, domin an yanke igiyar da ta haɗa rubutu da alamar jam'iyya. Amma ambaton tsintsiya kaɗai ma tarko ne. Bature idan ya ji tsintsiya a zancen mulki, shara yake tunawa, saboda yana da tasa maganar a kan sabuwar tsintsiya mai share wuri tas. Bahaushe kuwa a wannan karin magana ba shara yake kallo ba, maɗaurin yake kallo, yadda tsinke ɗari suka zama abu ɗaya. Gwani zai tabbata nauyin jimlarsa ya faɗa kan ɗaurin, ya ƙara cewa haɗin kai ake nufi. Ba kuma zai yaba ko ya kushe ba. Mai fassarar da ya sa wa taken jam'iyyar da yake so kalmomi masu armashi, ya sa wa na abokan hamayya masu sanyi, ya daina fassara ya koma kamfe.

Akwai wani nau'in da ya fi wannan santsi, wato rabin karin magana. Hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Tudun Wada ta ratsa dajin Falgore zuwa Jos tana da direbobi masu taka mota, don haka ba abin mamaki ba ne a ga gargaɗi a tasha da aka rubuta "Sannu ba ta hana zuwa." Kowane Bahaushe ya san cikon: sai dai a daɗe ba a je ba. Mai fassara mai son nuna ya san Hausa zai ji hannunsa yana ƙaiƙayi ya ƙarasa. Idan ya ƙarasa ya ɓata, domin mai fastar da saninsa ya tsaya a nan. Cikon yana tuna wa direba jinkiri, abin da ake roƙonsa ya manta da shi. Aikin mai fassara shi ne ya isar da abin da ke jikin bango, ba abin da ke cikin kansa ba. Takwarar da ta fi saurin zuwa daga Turanci kuma, wadda ta samo asali daga labarin kunkuru da zomo, tana cewa mai tafiya a hankali shi ke cin tsere. A sa kalmar tsere a gargaɗin tuƙi, ai an shigo da abin da aka fito kora. A nan fassara mai sauƙi ta fi: tafiya a hankali ba ta hana isa.

Sai dai kafin a yanke cewa rabin maganar ganganci ne, sai an duba hoton da kyau. Fasta takan yage, wata takan hau kan wata, mai ɗaukar hoto yakan datse gefe. Malam yana duba ko rubutun ya zauna a tsakiyar takardar, ko akwai saman wasu baƙaƙe da ke leƙowa a bakin yagar. Idan yagewa ce, yakan fassara abin da ake gani, ya ƙara sauran tare da bayyana cewa ba ya cikin hoton. Haka kuma yake lura da baƙaƙe masu lanƙwasa, waɗanda masu buga fasta da yawa ba sa sawa. Wanda ya ga an rubuta "kasa zai fado" a ƙarshen maganar nisan jifa, idan bai riga ya san karin maganar da ka ba, ƙamus zai iya kai shi ga gazawa ko ga macijiya, alhali ƙasa ake nufi.

Ba kullum ne takwarar Turanci take yaudara ba, kuma gwani ba ya ƙin ta don girman kai. "Rigakafi ya fi magani" tana da 'yar'uwa a Turanci da ta yi daidai da ita kusan kalma da kalma, ita ya kamata a ɗauka ba tare da wani kewaye-kewaye ba. Abu ɗaya ne ya rage. A Kano, inda aka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 aka dawo da shi a 2004, aka yi ta bi gida gida har zuwa 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, kalmar rigakafi ta zama sunan ɗigon da allurar kansu. Uwa idan ta ce an yi wa ɗanta rigakafi, ba ta nufin an yi taka-tsantsan. Saboda haka fastar da ke nuna ana ɗiga wa yaro magani a baki tana faɗin abu biyu da kalma ɗaya, Turancin kuwa ɗaya kawai yake ɗauka. Idan rahoton na ma'aikatan lafiya ne masu son sanin yadda ake isar da saƙo, ya dace a ƙara ɗan bayanin cewa kalmar ita ce kuma sunan allurar. Idan hoton ado ne a shafin jarida, a bar shi haka. Wanda zai karanta yana cikin abubuwan da ake aunawa.

Ta yaya ake gane an yi kuskure? Malam yana da gwaji biyu da kowa zai iya yi. Yakan rufe hoton ya karanta wa ɗalibin sakandare Turancin, ya ce ya mayar da shi Hausa. Idan yaron ya dawo da karin maganar ko wadda ta yi kusa da ita, an kama hanya. Idan ya dawo da wata dabam, ma'ana ta zame. Gwaji na biyu ya fi kaifi. Yakan nemi wanda ba ya jin Hausa, kamar ɗan bautar ƙasa da aka turo daga Kudu, ya nuna masa hoton da fassarar tare, ya tambaye shi abin da fastar take so mutane su yi. Ba ya tambayarsa ko Turancin ya yi daɗi. Idan ya ce "su ci gaba da biyan kuɗin ƙungiya ko da riba ta yi jinkiri," aiki ya yi. Idan ya yi dariya a inda Bahaushe ba zai yi ba, an cika bin kalmomi. Idan kuma ya gyaɗa kai amma bai sake kallon hoton ba, an cika sakin su, har fassarar ta rabu da abin da aka ɗauka.

Ina ganin kuskure na biyun, wato cika sakin kalmomin, ya fi yawa a yau, ya kuma fi wuyar ganewa, saboda ba ya sa kowa tuntuɓe. Mai rahoto yana son Turanci mai santsi, mai karatu ba shi da hanyar sanin abin da aka zubar, sai a wayi gari karin maganar mutanen Doguwa da ta Kiru duk sun koma tsofaffin maganganun Ingila guda goma da ake ta juyawa. Wanda ya karanta irin wannan rahoto zai ɗauka mutanen ba su da wata hanyar kallon duniya ta kansu, alhali dutse da romo da tsintsiya da maɗauri suna nan a jikin bango.

Ga masu ɗaukar irin waɗannan hotuna ina da roƙo. Ku ɗauki fastar gaba ɗayanta, har da ƙananan rubutun ƙasa da sunan waɗanda suka buga ta. Kada ku kwafe karin maganar kaɗai ku tura wa mai fassara a saƙon waya, ku tura masa hoton. Ku gaya masa inda aka manna ta, da wanda zai karanta rahoton, ku kuma bar masa layi biyu a ƙasan hoton maimakon ɗaya.